Kujerar katako mai girgiɗi: yadda ake kwance ta, a sake sa gam, a matse

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da kujerun cin abinci na katako guda shida da na gada wajen mahaifina, a nan Tudun Wada, Zariya. Tun shigowar hunturu biyu daga cikinsu suke girgiɗi, in an zauna sai ƙara, ƙafar baya tana neman rabuwa da katakon gefe. Na ɗura sufa gulu, na buga ƙusa, ba a jima ba suka koma gidan jiya. Yaya zan sake manna su da kaina, ga shi ba ni da kilam, ƙarfen nan da kafintoci ke matse katako da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya kyauta makwancinsa. Kujerun nan za su gyaru in Allah ya so, kuma rashin kilam ba zai hana ba. Amma tun yau a ɗauke biyun nan daga inda ake zama, a kife su a wani ɗaki. Duk zaman da aka yi a kan gaɓar da ta saki, katako na cin katako a ciki, ramin na ƙara faɗi. Gaɓar da yau gam da ɗan cike za su ishe ta, nan da wata biyu sai an sassaƙa mata sabon harshe.

Bari mu fara da abin da ke ɓoye a cikin gaɓar, don in ka gane shi sauran aikin zai zo maka da sauƙi. Katakon gefe, wato wanda ya tashi daga ƙafar gaba zuwa ta baya a ƙarƙashin mazauni, an sassaƙe ƙarshensa ya zama harshe. An kuma haƙa rami a jikin ƙafa daidai girman harshen. Inda katakon gefe ya tsaya ya dafe jikin ƙafa, kewaye da gindin harshe, shi ne kafaɗa. Ƙarfin gaɓa yana fitowa ne daga fuskoki biyu masu faɗi na harshen, inda suke manne da bangon ramin. Bakin harshe da kafaɗa ba sa riƙe gam da kyau, domin can ne ƙarshen zaren katako, yana shanye gam ne kawai. Gaɓar baya kuwa ita ce ta fi kowace shan wahala a jikin kujera. Ƙafar baya doguwa ce, ta miƙe har sama ta zama majingina, saboda haka duk lokacin da mutum ya jingina, ko yaro ya ɗaga ƙafafun gaba yana lilo a kan na baya, nauyin yana ɓanɓarar wannan ɗan harshe ne da bai wuce inci ɗaya da rabi ba.

Sai kuma yanayin garinmu. A watan Agusta laimar iska a Zariya takan kai kashi 80 cikin ɗari, a Janairu kuwa takan faɗo ƙasa da kashi 20 da rana. Katako na bin iskar da yake ciki. A laima ta 80 ruwan jikinsa yakan tsaya wajen kashi 16 cikin ɗari, a laima ta 20 ya sauko ƙasa da kashi 5. Yana kumbura yana motsewa ta faɗinsa da kaurinsa, amma tsawonsa kusan ba ya motsi. To ka duba yadda gaɓar take: faɗin harshe yana kwance ne a kan tsawon ƙafa. Da damina harshe ya so kumbura, ramin ya ƙi ba shi wuri, sai zaren katakon ya danne a sama da ƙasa, kuma wanda ya danne ba ya komawa yadda yake. Hunturu na zuwa ya motse, ya koma ƙasa da girmansa na asali. A harshe mai faɗin santimita 5 motsin yakan kai rabin milimita zuwa milimita ɗaya, gwargwadon irin katakon. Maɗaci da iroko ba su cika motsi ba, shi ya sa kujerun da aka yi da su suke daɗewa kafin su saki. In kuma tun farko da ɗanyen katako aka yi kujera, irin wanda ake saukewa daga mota daga Kudu a yanka shi a makon, hunturu ɗaya ya ishe ta.

Abin da ka ɗura da abin da ka buga duk ba su taɓa wannan matsala ba. Sufa gulu yana bushewa da tauri kamar gilas, ba ya jure girgiza, kuma a bakin gaɓa ya tsaya, bai kai can ciki ba. Ko farin gam ka ɗura, sakamakon ɗaya ne, domin shi farin gam sai ya shiga ƙofofin katako sannan yake kamawa, tsohon gam kuwa ya riga ya toshe su. Kamar a yi sabon yaɓe ne a kan tsohon da ya riga ya ɗago daga jikin katanga, ranar da zai zubo tare za su zubo. Ƙusa kuma ba ta hana harshe motsi, sai ma ta zama abin da yake juyawa a kai, ramin da ta huda yana ƙara buɗewa. Mafi muni, tana iya tsaga ƙafar a daidai bangon rami, inda katakon ya fi siranta. Saboda haka dole a kwance gaɓar, ba wata hanya ta gajeren zango.

Kafin ka sa hannu, kife kujerar a kan tebur da aka shimfiɗa wa tsohon bargo, ka duba lafiyar katakon. In ka ga ƙananan huji kamar na allura da gari mai laushi yana zubowa, ƙwaron katako ne. In ka ga hanyar ƙasa, gara ce. Soka bakin wuƙa a gindin ƙafa da kusa da gaɓa: in ya nutse da sauƙi, wannan katakon ya mutu, sai an sauya shi, gam ba shi da abin kamawa. In lafiya yake, sai ka kama ƙafa biyu-biyu ka girgiza, ka sa yatsa a kan kowace gaɓa, za ka ji wadda ke motsi ko da ido bai gani ba. Gaɓar da take daram kada ka tilasta mata. Sau da yawa firam ɗin baya da firam ɗin gaba suna nan lafiya, katakan gefe biyu ne kawai suka saki. Sai dai ka sani, ba ka iya zare harshen baya na gefe ɗaya ba tare da na ɗaya gefen ya fito ba, don haka gefe biyun za ka buɗe tare.

Manna ɗan tef na takarda a kowane ɓangare na kowace gaɓa ka rubuta lamba, 1 da 1, 2 da 2, har ka gama. Kada ka raina wannan. Kujerar da aka yi da hannu ba ta da harsuna biyu masu girma ɗaya, kuma lokacin da gam ke jikin katako ba lokacin tunanin wanne ne na hagu ba ne. Cire mazaunin in sukuru ne ya riƙe shi, ka kwance 'yan katakan kusurwa da ke ƙarƙashi in akwai, su ma ka sa musu lamba.

Yanzu ƙusoshi. Naka ka san inda suke, amma kujerar da ta shekara da yawa a gida da wuya a ce ba wanda ya taɓa buga mata wata, aka rufe kan da foti aka shafa folish. Ɗauki maganaɗisu, ko na tsohuwar sifika, ka bi jikin ƙafa a daidai gaɓa, inda ya kama akwai ƙarfe. In kan ƙusar na waje, sa fincis ka ja, ka ɗora ɗan falange a ƙarƙashinsa kada ya lotsa katako. In ya nutse, ka ɗan haƙe kewayensa da ƙaramin cizal har bakin fincis ya kama. In siririya ce marar kai kuma ta kusa fita ta ɗaya ɓangaren, ka tura ta gaba da wata ƙusar da ka dakushe bakinta, ka zare ta can. Ƙaramin tabon da za ka bari a nan ana cike shi daga baya. Wanda kuwa ya yi gaggawa ya bugi gaɓa da ƙusa a ciki, ko dai harshen ya yage, ko ƙafar ta tsage, aikin yini ɗaya ya zama na sati.

Wajen buɗewa kada ƙarfen hama ya taɓa kujera. Ɗora guntun katako mai laushi a cikin ƙafa, dab da gaɓa, ka buga shi a hankali. Bugu biyu a hagu, biyu a dama, don harsunan su fito tare, domin in ɗaya ya riga ɗaya fita da nisa, na bayan yana karyewa. In wata ta ƙi, ɗiga ruwan zafi ko binega a bakin gaɓar, ka ba ta minti goma zuwa sha biyar, ka sake gwadawa. Farin gam yana laushi da zafi da laima. Kada ka riƙa murɗa katakon gefe sama da ƙasa don ya fito, wannan shi ne ainihin motsin da ya lalata gaɓar.

Kankare tsohon gam shi ne aikin da ya fi cin lokaci, kuma a nan ne yawancin gyare-gyare suke lalacewa. Abin da ake so shi ne a cire gam a bar katako. Riƙe cizal ko wuƙa a tsaye a kan fuskar harshe, ka riƙa ja kamar mai kankare ƙanzo, har ƙyallin ya tafi, launin katako ya fito. Cikin ramin ma haka, bango biyu masu faɗi, sannan can ƙasa inda gam ya taru ya daskare, don shi ne zai hana harshe shiga har ƙarshe. Samfefa na da daɗin aiki amma tana cin katako, tana kuma mulmule kusurwoyi, saboda haka in za ka sa ta, naɗe mai lamba 120 a jikin siririn katako mai lebur, ka goga sau uku ko huɗu ka tsaya. Don ka san ka gama, ɗiga ɗigon ruwa a kan harshen. In ya shige katako ya yi duhu, wurin ya buɗe. In ya tsaya ya dunƙule, akwai saura. In ka jiƙa gaɓar da ruwa ko binega, bar ta ta kwana ta bushe a inuwa kafin ka auna zamanta, don jiƙaƙƙen harshe yakan nuna ya cika rami alhali bai cika ba.

To ga inda nake so ka fi sa hankali. Mayar da harshe cikin raminsa ba tare da gam ba. Zama mai kyau shi ne wanda ka tura da ƙarfin hannu, ko da ɗan bugu da tafin hannu, ya shiga har kafaɗa, kuma in ka ɗaga ƙafar sama katakon gefe na rataye, bai zame ya faɗo ba. In ya faɗa ciki da kansa, ko ka iya cusa takardar littafi ninki biyu a gefensa, akwai giɓi. Farin gam kusan rabinsa ruwa ne, in ya bushe sai ya motse. Ƙarfinsa yana nan ne idan ya zama siririn layi tsakanin katako biyu da suke taɓa juna. A cikin giɓin milimita ɗaya ba ya riƙe komai, ko da ka cika ramin har ya tumbatsa. Kilam ma ba ya maganin wannan, kuma mutane da yawa ba su lura da haka ba. Kilam yana jawo ƙafa ne ta dafe kafaɗa, matsinsa yana bin tsawon katakon gefe. Ba ya danna fuskar harshe a jikin bangon rami ko kaɗan. Abin da ke matse gam a can ciki shi ne cikar harshen kansa. Don haka sai an mayar wa harshe kaurin da ya rasa.

Bari in ba ka misali da wata kujerar maɗaci da wani malami ya kawo mini daga Gyallesu, mai irin matsalar taka. Bayan kankara, harshen baya na hagu yana da kauri milimita 10, faɗi santimita 4 da rabi, tsawo santimita 3. Ramin kuwa faɗinsa ya kai milimita 11, kuma harshen na wasa sama da ƙasa da wajen milimita 2. Na ɓare fatar saman wani guntun falange, wadda kaurinta ya ɗan haura rabin milimita, na goge tsohon gam ɗin bayanta, na yanka guda biyu da suka ɗan fi harshen girma. Na shafa gam, na ɗora ɗaya a kowace fuska, zarenta na bin zaren harshe. Dalilin sa wa fuska biyu maimakon a lafta mai kauri a gefe ɗaya shi ne kada katakon gefe ya goce daga inda yake, a ga tsohon layin folish ya fito fili. Na rufe da leda, na dafa guntayen katako biyu, na naɗe da roba tamau. Washegari na datse abin da ya fito, na manna wani siririn maɗaci mai milimita 2 a ƙasan harshen don wasan sama da ƙasa. Da shi ma ya bushe sai na riƙa kankara kaɗan ina gwadawa, har ya shiga da turin hannu. In ka shafa bakin fensir a bangon ramin, duk inda harshe ya yi baƙi nan ne yake cijewa, nan kaɗai za ka rage. Kada ka bar shi da matsin da sai an yi masa dukan hama, don irin wannan yana share gam ɗin zuwa ƙasan rami, yana kuma iya tsaga ƙafa.

In ba ka sami falange ba, je 'Yan Katako a Sabon Gari ka roƙi wani kafinta ya yanko maka siraran yanka daga guntun maɗaci, abin da suke zubarwa ne. In kuma kujerunka irin masu sandunan ƙasa ne da aka zagaye bakinsu suka shiga rami mai da'ira, a nan zaren auduga ake naɗawa: a shafa gam, a naɗa zaren layi ɗaya a jere ba tare da ya hau kansa ba, a bari ya bushe, sannan a gwada. Wata kujerar kuma ba harshe gare ta ba, 'yan turakan katako biyu ne suke haɗa ta. Waɗannan ba a yi musu cike. A zare su, a share ramukan, a sa sababbi masu cika rami. Garin katako da aka kwaɓa da gam yana da amfani wajen rufe ramin ƙusa, amma ba a cike gaɓa da shi, yana marmashewa.

Gam ɗin da za ka saya shi ne farin gam na kafintoci, wanda muka fi sani da tofbon, a jikin robar za ka ga an rubuta PVA. Ƙaramar roba ta ishi kujeru biyu har da saura. Buɗe ka duba kafin ka biya: ya kasance yana zuba sumul, ba gudaji, ba ruwa kwance a sama, ba warin tsami. Kada ka tsinka shi da ruwa. Ibostik na manna fomika da soso da fata ne, ya kasance kamar roba ko bayan ya bushe, ba a yi shi don gaɓar kujera ba. Aralday kuwa, mai tiyub biyu da ake haɗawa daidai wa daida, shi ne kaɗai a cikinsu yake da ƙarfi a cikin giɓi, don ba ya motsewa. Ina sa shi ne idan ramin ya rarake ba shi da siffar da cike zai zauna, kuma mai jinkirin bushewa, ba mai minti biyar ba, wanda zai kama kafin ka gama haɗa kujera. Illarsa ita ce gaɓar ba ta sake buɗuwa da ruwan zafi, ranar da wani abu ya karye sai an sara. Ga kujerar gado ni na fi son cike da farin gam, don wanda zai gyara ta bayanmu ya sami hanya. In katakon iroko ne ko tik, masu maiƙo a jiki, goge harshe da rami da tsumma mai ɗan tina, ka bari ya bushe, sannan ka shafa gam.

Maganar matsi kuma, igiya ta isa. Nemi igiya mai ƙarfi wadda ba ta cika talewa ba, ka zagaya ta sau biyu daga ƙafar gaba zuwa ta baya a gefe ɗaya, ka ƙulle, ka cusa sanda mai tsawon taƙi ɗaya tsakanin zagayen biyu, ka riƙa murɗawa. In ta yi tamau sai ka tokare sandar a jikin katakon gefe, ko ka ɗaure ta. Ɗaya gefen ma haka. Sa kwali ninki uku ko guntun katako a inda igiya ta lanƙwasa a jikin ƙafa, in ba haka ba za ta bar shaida. Dole igiyar ta bi daidai tsakiyar katakon gefe. In ta sauko ƙasa za ta jawo ƙafafu ciki, saman kafaɗa ya buɗe. In ta hau sama, ƙasan ne zai buɗe. Robar tiyub da 'yan acaɓa ke ɗaure kaya da ita ma tana yi, a ja ta a zagaya sau biyar ko shida, kowane zagaye na ƙara matsi. In ka sami aron bel mai ƙarfen ja, irin na ɗaure kaya a mota, ya fi sauƙi, sai dai ƙarfinsa ya wuce buƙata, a bi shi a hankali. Da zarar kafaɗa ta dafe ba haske, gam ya ɗan tsattsafo, matsi ya isa. Abin da aka ƙara bayan nan lanƙwasa kujera kawai yake yi.

Kada ka buɗe robar gam sai ka haɗa kujerar gaba ɗaya a bushe, ka ɗaura igiyoyin, ka murɗa, ka ga kowace kafaɗa ta rufe. A nan ne za ka gane igiya ta yi gajarta, ko wani harshe na tokare da ƙasan rami. Dalilin wannan gwaji shi ne lokaci. Farin gam yana ba ka minti biyar zuwa goma kafin ya fara yin fata, a iskar hunturu ma bai kai haka ba. Yi aikin da safe, a cikin ɗaki, a kashe fanka, a sami mutum ɗaya ya riƙe maka. Ban da wannan gaggawa, hunturu lokaci ne mai kyau na gyara, domin katako ya motse iyakar motsewarsa, giɓin da ka gani shi ne na gaskiya. Da damina gaɓa takan yi kamar ta cika, a manna ta, Disamba na yi ta sake saki.

In firam ɗin baya ko na gaba shi ma ya saki, shi za ka fara mannawa shi kaɗai, ya kwana, kashegari a haɗa gefuna. Kada ka ce za ka yi gaɓa takwas a tashi ɗaya. Da siririn tsinke mai faɗi ka shafe bangon kowane rami, sannan ka shafa wa harshe siririn shafi ta kowace fuska. Ba a zuba gam a rami kamar ana cika kwalba, domin in ya taru a ƙasa ba shi da mafita, zai hana harshe ƙarasawa, in aka matsa kuma ya fasa ƙafa. Kwantar da firam ɗin baya a kan bargo, ramuka na kallon sama, ka soka katakan gefe biyu da sandunan ƙasa in akwai, ka kifa firam ɗin gaba a kai, ka buga da guntun katako har su kusa rufewa. Sai ka tayar da kujerar a kan ƙafafunta, ka ɗaura igiya, murɗi biyu a hagu, biyu a dama.

Tsayar da ita a wuri mai lebur na gaske. Tayil mai kyau ko saman tebur mai ƙarfi ya fi daɓen siminti, wanda sau da yawa yana da tudu da kwari. Ɗauki tef ka auna daga kusurwar gaba ta hagu zuwa ta baya ta dama, sannan ɗaya gicciyen. Ko da gaban mazauni ya fi bayansa faɗi, awon biyu dole su zo ɗaya. A kujerar Gyallesu, mai faɗin gaba santimita 45, baya 38, zurfi 40, na sami 57 a ɗaya, 58 da ɗan ɗori a ɗaya. Na sassauta igiyoyin, na dafa kusurwoyin doguwar na matsa da hannu, na sake murɗawa, duka suka tsaya wajen 57 da rabi. Bambancin milimita 2 ko 3 ba komai. In ta ƙi zama, ɗaura igiya ta uku a kan doguwar gicciyen ka ɗan murɗa. Daga nan ka ja da baya ka tsuguna, ka hango saman katakon gaba da na baya, su kasance a kwance ɗaya, ba wanda ya karkata. Ɗora falange a kan firam ɗin, ka aza jarkar ruwa mai lita 25, don ƙafafu huɗun su bushe suna taka ƙasa. Duk wannan cikin minti goman farko ne, bayan nan kada a sake motsa ta.

Gam ɗin da ya tsattsafo a jikin folish, goge shi nan take da tsumma mai ɗan laima. A lungun da tsumma ba ya shiga, bar shi rabin awa ya yi kamar cingam, ka ɗauke shi da bakin cizal. Igiya ta kwana a jiki. Zama kuwa sai bayan awa 24 cif, da damina a ba ta kwana biyu. Kada a kai ta rana wai don ta yi saurin bushewa.

Katakan kusurwa su ne suke rage wa harshen baya wahala, kuma in kujerunka ba su da su, ina ba ka shawara ka sa. Guntun katako ne mai ƙarfi, kauri inci ɗaya, tsawo wajen inci huɗu, an yanke bakinsa biyu a karkace yadda zai gicciye kusurwa ya kwanta a jikin katakon gefe da na baya, zarensa na bin tsawonsa. Kusurwar kujera ba sikwaya ba ce, don haka a jikin kujerar za ka zana shi, ka gyara har ya zauna ba haske. Kankare wurin da zai zauna, shafa gam, ɗaure da sukuru biyu a kowane ɓangare. Huda rami tukuna kafin ka ɗaura sukuru, maɗaci busasshe yana tsagewa, kuma ka auna tsawonsa kada ya ɓullo ta waje. Ramukan ƙusoshin da ka zare, yanzu ne za ka cike su da garin katakon da gam, in sun bushe ka goge ka taɓa folish.

Bayan an kwance igiya, in kujerar ba ta motsi a gaɓa amma tana ɗan rawa a ƙasa, fara sauya mata wuri ka gani, wataƙila daɓen ne. In a ko'ina tana yi, danna ta a kan lebur har ƙafa uku su taka, ka cusa kwali a ƙarƙashin wadda ta ɗage don ka san girman giɓin. Ƙafafu biyun da take lilo a kansu, wato maƙwabtan wadda ta ɗage, su ne dogaye. Rage wa kowacce rabin giɓin: in milimita 2 ne, milimita ɗaya-ɗaya. Ba da zarto ba. Shimfiɗa samfefa mai lamba 80 a ƙasa, ka taka gefenta, ka riƙa jan ƙafar a kai kana gwadawa. Wannan sai bayan gam ya gama bushewa ake yi, domin kujerar da gaɓarta ta saki takan nuna gajeriyar ƙafar da ba ta da ita. Ka fara da kujera ɗaya, in ta yi yadda kake so ka kama ta biyu, sauran huɗun kuma ka kife su ka sa yatsa a gaɓoɓinsu na baya kafin damina ta shigo ta ɓoye waɗanda suka fara saki.